Damin da na ajiye a ƙofar Baffa

Shekarar da na shiga aji na biyu a kwaleji aka zo auna hanya. Ƙauyenmu yana gefen hanyar Buza, kwalejin kuwa tana garin da meri, wato ofishin magajin gari, take, tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Ni da ƴan mata uku muke tafiya kowace safiya, su suna hira, ni ina bayansu ina kallon ƙasa. Tun ina ƙarama ba na iya magana gaban manya. In aka tambaye ni abu sai in kau da kai in nemi hanyar zamewa. Kakata takan ce da lakwal, makarantar boko, tana ba da maki kan shiru, da ni ce ta ɗaya a duk Adar.

Mu uku ne a gida: Kaka, wadda ta haifi babana, da Inna, da ni. Baba ya tafi biɗa arewa, neman kuɗi, wayarsa takan shiga wata guda ta ɗauke wata uku. Abin da muke da shi a ƙasa gona biyu ce. Akwai ta tudu, mai duwatsu, wadda Inna take nomawa. Akwai kuma ta gangare, mai ƙasa ja da gawo biyu a tsakiya, wadda Kaka ta gada wajen mahaifinta. Wannan ta gangare tun kafin a haife ni tana hannun maƙwabcinmu, aminin marigayi kakana, wanda duk muke ce wa Baffa. Aro aka ba shi, don ƴaƴansa da yawa, gonarsa ƙarama. A wurinmu aron gona ba a rubuta shi. Abin da yake tsayawa a madadin takarda shi ne dami. Kowace kaka mai aro yakan ɗaure dami guda na hatsi ya kai gidan mai gona. Ba kuɗin haya ba ne, dami guda ba ya ciyar da gida mako biyu. Cewa ce kawai: na san ba tawa ba ce. Baffa yakan kawo nasa da kansa, ya jingine shi a gindin rumbunmu, ya gaida Kaka kan sanyi da ciwon gwiwa, ya tafi, ba wanda ya ambaci gona.

Masu awo sun zo da damina, da mota fara da wani abu mai ƙafa uku da suke leƙawa. Suka kafa turaku suka shafa musu jan fenti a kai. Ana ta faɗi a gari cewa gwamnati ta sa hannu kan takardar sabuwar hanya, za a miƙe ta ta bi ta gangare, wanda duk aka taɓa gonarsa za a biya shi diyya. Na je da kaina na duba. Turakun sun shiga gonar Kaka daga kusurwar gabas, sun bi tsakanin gawon nan biyu, sun fita ta yamma. Abin da ya rage gefe da gefe ba zai kai a kira shi gona ba. Daga baya wasu suka zo da takardu suna bin gonaki suna rubuta sunaye. Ba su zo gidanmu ba. Kaka ta ce za su zo, ai maigari ya san mai kowace gona.

Bayan an koma lakwal, wata ranar Talata, mushen da ke koya mana tarihi bai zo ba, aka sake mu da wuri. Muka bi ta gaban meri. A jikin bango, ƙarƙashin rumfar kwano, an manna takardu da yawa, maza sun taru suna neman mai karanta musu. Na tsaya daga nesa har suka ragu, sannan na matsa. Jerin sunaye ne, ƙauye ƙauye, kowane suna da lambar gona da faɗinta da itatuwan ciki. Na sami ƙauyenmu. Na bi da yatsa daga sama har ƙasa sau uku, ban ga sunan Kaka ba. Amma na ga layin da aka rubuta gawo biyu. Sunan da ke gabansa na babban ɗan Baffa ne, a gidan da aka rubuta mai gona.

Ban san yadda na iso gida ba. Abin da na tuna shi ne takalmina ya tsinke a hanya, na riƙe shi a hannu, ƙaya ta shiga ƙafata ban tsaya cirewa ba.

Inna tana daka na gaya mata. Ta ajiye taɓarya ta zauna bakin turmi. Kaka kuwa ta ce kuskure ne na masu rubutu, sun tarar da yaron yana noma sun tambaye shi, shi kuma ya ce tasu ce, kamar yadda kowa yake cewa gonarmu ga gonar da yake nomawa. Ta ce Baffa zai gyara da kansa. Inna ta ce a aika a tambaye shi. Kaka ta ce ita ba za ta aika wa aminin mijinta da maganar gona ba, kamar tana tuhumarsa da sata.

Kwana huɗu muna jira, Baffa bai zo ba. A rana ta biyar Inna ta dawo daga rijiya fuskarta a ɗaure. Matar babban ɗan Baffa ce ta faɗa gaban mata, tana jan guga, cewa ai tsohuwa ta daɗe da ba su gonar kyauta. Shaida kuwa, shekara biyu ke nan ta maido musu da dami, tun daga nan ba su sake kaiwa ba, ita ma ba ta nema ba.

Ina zaune ina jin wannan, na sunkuyar da kai. Domin ni na san yadda aka yi da damin nan, ni kaɗai.

Shekara biyu kafin haka ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya yi kai babu ƙwaya. Duk da haka Baffa ya kawo ɗan daminsa, siriri, zangarniyar duk ta sha tsutsa. Da ya tafi Kaka ta daɗe tana kallonsa. Ta kira ni ta ɗora mini a kai, ta ce: «Kai mishi. Ki ce bana yara su ci, na yahe. In Allah ya kai mu baɗi ya taho da na baɗi.» Ta sa na maimaita, na maimaita. Da na isa ƙofar gidan na tarar da maza zaune a zaure, sun fi shida, suna shan shayi. Na tsaya a bayan katanga ina jira su tashi, ba su tashi ba. Damin yana danne mini wuya. Daga ƙarshe na jingine shi a bakin ƙofa, na gudu. Kaka ta tambaye ni ko na faɗa, na ɗaga kai. Shekarar da ta biyo Baffa bai kawo dami ba. Kaka ta ce wa Inna a bar shi, har yanzu bai farfaɗo ba. Ni kuwa na ji daɗi da ba a sake tayar da maganar ba.

Yanzu ga ta ta taso da jan fenti a kai. Na kasa cin tuwo. In na ji motsin mota sai in ɗauka jandarma ne, ko da yake ban san laifin da za su kama ni da shi ba. A gari kuma maganganu iri iri suke yawo. Wasu na cewa wanda ya kai ƙara za a cire sunansa gaba ɗaya. Wasu na cewa wanda ya yi gardama da gwamnati gonar za a ɗauka ba ko dala. Wani mai shago ya ce an riga an kai takardun Yamai, babban birni, an rufe. Inna ta gwada wayar Baba sau da yawa ba ta shiga.

A ƙasan takardun meri akwai wani rubutu ƙanana da na karanta ranar farko ban fahimta ba. Na koma na kwafe shi cikin kayena, littafin rubutuna na aji, a shafin bayan darasin lissafi, na duba kalmomin da ban sani ba cikin ƙamus ɗin aji. Yana cewa an buɗe bincike, an naɗa mutum guda mai karɓar koke, an ajiye babban littafi a meri, duk wanda yake da hakki kan ƙasar da za a ɗauka ya zo ya bayyana kansa kafin ranar rufewa. Na ƙidaya a yatsa. Saura kwana tara.

Na karanta wa Inna. Ta ce ita ba ta taɓa shiga biro, ofishin gwamnati, ba in ba ranar katin zaɓe ba. Kaka ta ce ba za ta je ta tsaya gaban baƙo tana ƙarar maƙwabci ba. Sai Inna ta yi mata magana irin wadda ban taɓa jin ta yi mata ba, a hankali, idonta a ƙasa. Ta ce gonar dai ta tafi, hanya ta ci, ko an so ko ba a so. Abin da ya rage shi ne diyya, da ita za a nemi wata ƙasa. In ta tafi hannun wani, ɗan Kaka, babana, zai dawo daga biɗa ya tarar da duwatsun tudu kawai. Da safe na ga Kaka ta fito da mayafinta na zuwa suna.

Mun hau amalanken jaki mu uku. Ɗakin da ke meri ƙarami ne, tebur guda, benci guda, fanka da ba ta juyawa. Mai karɓar koken dattijo ne mai furfura, da tabarau ɗaure da zare a gefe guda. Na lura akwai tawada a bakin aljihun rigarsa inda bik, alƙalaminsa, ya zuba. Wannan ya ɗan rage mini tsoro, ban san dalili ba. Ya gaida Kaka da Hausa, ya kira ta Inna, ya saurare ta har ta gama kewaye-kewayenta ba ta ambaci sunan kowa ba. Innata kuwa ta tambaye shi ko gaskiya ne mai ƙara yakan rasa komai. Ya yi murmushi ya ce don ƙara aka buɗe littafin, shi ya sa ake biyansa ya zauna nan. Ya ce maganar hanya an riga an yanke ta a sama, littafin nan ba zai ɗauke turaku ba. Amma doka ta ce ba a karɓe wa mutum ƙasa sai an biya shi diyya daidai, kuma kafin a karɓa. Gonar gado da ba ta da takarda ma hakki ce kamar mai takarda. Mai gona diyyar ƙasa da itatuwa yake samu, mai aro diyyar amfanin da zai rasa. In mutum biyu suka yi ta ja kan gona guda, ba a ba kowa, ajiye kuɗin ake yi har alƙali ya raba, wannan kuwa yakan ɗauki lokaci. Shawararsa ita ce mu koma wajen maigari da kwamitin ƙasa na ƙauye, wanda ake kira Kofo, a tara shaidu, a yi mana takardar shaidar gado mu kawo mishi.

Sai ya juya littafin ya miƙo mini bik. Ya ce tunda ga ƴar lakwal, ta rubuta da hannunta abin da kakarta ta faɗa. Na danna bik, harafin farko ya fita daga layi. Na rubuta cewa gona mai lamba kaza ta kakata ce, gadon mahaifinta, aro ta bayar. Kaka ta dangwala yatsa. A hanyar komawa mai amalanke yana ta zagin jakinsa.

Maigari ya sa ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidansa. Saura kwana uku a rufe littafi. Aka shimfiɗa tabarmi, liman ya zo, da sakataren Kofo da jakarsa, da maza biyu masu iyaka da gonar. Mu mata muna gefe ɗaya kusa da katanga. Baffa ya zo ana riƙe da hannunsa, don idonsa ya yi rauni. Ya zauna ya ajiye sandarsa a cinya bai dubi wajenmu ba.

Masu iyaka suka ce sun san gonar ta mahaifin Kaka ce, sun san aro aka fara. Ko aron ya koma kyauta daga baya, wannan ba su sani ba. Babban ɗan Baffa ya yi magana da ladabi, ba kamar matarsa ba. Ya ce shi bai ci amanar kowa ba. Shekara da shekaru suna kai dami ana karɓa. Ranar da aka maido, aka ajiye a bakin ƙofa ba saƙo ba sallama, kowa a zauren ya gani. Mai gona ba ya maido dami haka sai ya saki gonar. Shi da ƙannensa suka zuba taki, suka jera duwatsun tare ruwa, saboda sun ɗauka tasu ce. Mutane suka gyaɗa kai. Ni ma na ga bai yi ƙarya ba.

Kaka ta ce ta aika da saƙo. Ya ce saƙo bai zo ba. Maigari ya tambaya wa aka aika. Kaka ta juyo ta dube ni.

Ina jin idanu suna sauka a kaina ɗaya bayan ɗaya. Na kalli tabarma. Akwai wata tururuwa tana jan ƙwayar hatsi a gefen ƙafar Inna, na bi ta da ido har ta shige ƙarƙashi. Maigari ya ce in matso. Inna ta taɓa mini baya, na tashi. Na durƙusa a bakin tabarmar maza.

«Ɗiyata, mi kakarki ta ce ki hwaɗi?»

Na faɗa, amma ba wanda ya ji. Liman ya ce in ɗaga murya, ba cizo za a yi ba. Na sake faɗa, kalma kalma yadda Kaka ta sa na maimaita: bana yara su ci, na yahe, baɗi ya taho da na baɗi.

«Kin hwaɗa mishi?»

«A'a.»

«Don mi?»

«Maza na zaure. Na ji kunya.»

Wani ya yi dariya a baya, aka tsawata mishi. Ban ɗaga kai ba, amma na ji numfashin Kaka. Babban ɗan ya ce yarinya ce, abin da aka koya mata a gida take faɗi. Na san in aka tsaya nan, alƙali ne zai raba, kuɗin ya kwanta ba mu ba su. Hawaye suna zuba mini a kan gwiwa.

Sai Baffa ya yi gyaran murya. Ya ce shi ya ga yarinyar ranar, lokacin idonsa da sauran gani. Ya ga gefen zanenta a bayan katanga tun ana dafa shayi na fari har aka sha na uku. Ya ɗauka wasa take yi. Da ya ga damin ya kwana uku yana tunani, ko fushi ne, ko kyauta ce. Ya so ya je ya tambaya, nauyi ya hana shi. Yara suka ce kyauta ce, shi kuma ya bar su a kan haka don ya fi mishi sauƙi. Ya juya sandarsa a cinya.

«Wanda anka aiko ba da magana ba, ba shi tsayawa shayi uku bayan katanga. Gona tata ce. Ni aro na ci.»

Ɗansa ya kira shi, Baba, da wata murya ƙasa ƙasa. Baffa ya ce ya gama. Sakataren Kofo ya buɗe jaka ya cika takarda biyu, ɗaya ta shaidar gadon Kaka, ɗaya ta aron Baffa. Maigari ya sa hannu, shaidu suka dangwala. Ranar Litinin na kai su meri kafin in shiga aji. Dattijon mai tabarau ya karanta, ya manna su da kokenmu, ya ce rubutuna yana da kyau sai dai in daina danna bik kamar ina huda fata.

A gida Kaka ba ta doke ni ba. Da ta doke ni da ya fi mini. Kwana biyu ba ta aike ni ko ɗebo ruwa ba.

Watanni suka wuce kafin a kira masu gonaki gaban kwamitin sulhu, wanda perefe, wakilin gwamnati a yankin, yake shugabanta. Wannan karon sunan Kaka aka kira. Aka karanta mata abin da aka ƙiyasta wa ƙasar da gawon nan biyu, aka gaya mata in ta yarda ta dangwala, in ba ta yarda ba za a kai wa alƙali, ya sa masani ya sake ƙiyasi ya yanke. Mutum biyu daga ƙauyenmu masu garka, lambun albasa, sun ƙi, sun tafi wajen alƙali, har na gama kwaleji maganarsu ba ta ƙare ba. Inna ta ce kuɗin bai kai gonar ba. Kaka ta ce gwiwarta ba za ta iya zaryar birni ba, ta dangwala. Baffa ma an kira shi, a matsayin mai noma. Tsakanin dangwalawa da biya an yi wani jira mai tsawo, manyan motocin kamfani suna ta matsowa daga kudu, kullum in na dawo lakwal sai na bi ta gangare in ga ko gawon suna nan. Sun kai har aka biya. Mako biyu bayan haka na tarar da su kwance, awaki sun taru a kan ganyen.

Da diyyar aka sami wata gona bayan dutse, ba ta kai rabin waccan ba, ƙasar fara, nesa da gari. Babban ɗan Baffa ya daina gaida Inna a hanya, matarsa ta canja rijiya. Gab da shuka Kaka ta kira ni. Ta ce in je in gaya wa Baffa gefen yamma na sabuwar gonar nasa ne ya noma, aro, ranar kasuwa a je wajen Kofo a rubuta. Ba ta sa na maimaita ba.

Da na isa, maza suna zaure. Babban ɗan yana cikinsu, shi ne mai zuba shayi. Na tsaya a bayan katangar nan, daidai inda na tsaya da. Na ƙirga goma, na sake ƙirga goma. Sannan na cire takalmi, na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofa na faɗa. Baffa ya karkato da kunnensa ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi har muryata ta fashe. Ɗan ya ci gaba da zuba shayi bai ɗago ba. Baffa ya ce in gaida Kaka, in ce ya ji, wannan karon ya ji.